Makonni shida a kan maki 220: abin da ya tsayar da wata mai shirin JAMB

A tsakiyar watan Fabrairu yayata ta aiko mini da 'yarta gida, riƙe da wani ƙaramin littafi da take rubuta makin gwajin da take yi wa kanta duk Asabar. Yarinyar ta gama sakandare, ta taɓa zama jarrabawar JAMB sau ɗaya ta samu 198, yanzu tana shirin zama na biyu, burinta ta karanta ilimin haɗa magunguna a Zariya. Ni kuma malamin Kemistiri ne, shi ya sa uwar ta ga ni ya kamata in duba. Da na buɗe littafin na ga ta fara da 176 a watan Nuwamba, makin ya yi ta hawa har ya kai 220 a farkon Janairu. Daga nan sai ga wannan jeri: 221, 218, 226, 219, 224, 217. Makonni shida ke nan.

Ta ce, "Kawu, ni fa ina ganin iyakar kaina ke nan. Na ƙara awannin karatu, har biyun dare nake kaiwa, amma kamar ana zuba ruwa a kwando."

Na san da gaske take. Idanunta sun faɗa, kuma uwarta ta riga ta shaida mini cewa ta daina zuwa ko'ina. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda muka bi lamarin daga ranar har zuwa jarrabawa a watan Afrilu, da abin da ya yi aiki, da wanda bai yi ba.

Abu na farko da na faɗa mata shi ne ta daina kallon waɗannan lambobi shida a matsayin hawa da sauka. Ranar da ta samu 226 ta yi murna, ranar 217 ta yi kuka, alhali duk maki ɗaya ne. Jarrabawar tana da tambayoyi 180, kowace da zaɓi huɗu, kuma duk takarda da irin tambayoyin da suka faɗo a cikinta. Mutum ɗaya da ilimi ɗaya, in ya zauna takarda biyu a rana guda, makinsa zai iya bambanta da goma ko sha biyar saboda sa'ar tambaya da sa'ar canka kawai. Don haka maki ɗaya ba ya nuna komai. Sai an haɗa uku ko huɗu an raba. Da muka haɗa nata shida muka raba, 221 ya fito. Ta tsaya da gaske, wannan ba shakka, amma ba ta koma baya ba kamar yadda take tsoro.

Sai na tambaye ta yadda take karatun. Da safe tana karanta littafi da abin da ta rubuta a lesin, tana ja wa muhimman wurare layi. Da yamma ta ɗauki wayar uwarta ta yi tambayoyin shekarun baya a manhaja. In ta gama sai ta duba makin, ta leƙa amsoshin da ta faɗi, ta ce "au, ashe C ce", ta wuce. Da makin ya ƙi motsi sai ta mayar da cikakken gwajin sau uku a mako maimakon sau ɗaya. A nan na fara hango matsalar. Cikakken gwaji awo ne. Wanda buhun masararsa bai cika ba, in ya ɗora shi a kan sikeli sau uku a mako, nauyin nan dai zai yi ta gani. Awa shida take kashewa a mako wajen awo, gyaran kuwa bai kai minti talatin ba.

Akwai kuma wani abu da ya ruɗe ta. A manhajar wayar, in ta zaɓi shekarar da ta taɓa yi, tana samun 270 har da ɗoriya. Sai ta ɗauka wannan ne ainihin matsayinta, 220 kuma tsautsayi ne ko fargaba. Na ɗauko tambaya ɗaya daga irin waɗannan, na rufe zaɓin da hannuna, na ce ta ba ni amsa. Ta yi shiru. Da na ɗaga hannu ta nuna B nan take, kuma B ɗin ce. Fuskar amsar ta sani, ba hanyar zuwa gare ta ba. Daga ranar muka yi doka cewa makin da za a rubuta a littafi sai na tambayoyin da ba ta taɓa gani ba.

Ranar da muka zauna da kuskure tamanin

Asabar ta gaba na kai ta inda ake da kwamfuta, na ba ta sabuwar takarda, na zauna a bayanta da agogo. Sharaɗi biyu na gindaya: ta yi kamar yadda ta saba, sannan duk tambayar da ta canka ta rubuta lambarta a gefe. Ta ci 100 cikin 180, wato maki 221 cikin 400 a lissafin da manhajojin gwaji ke yi, inda ake mayar da kowane darasi a kan maki 100. Ga yadda suka rabu: Bayoloji 28 cikin 40, Turanci 35 cikin 60, Kemistiri 21 cikin 40, Fizis 16 cikin 40.

Agogon ne ya fara tona asiri. Awa biyu ake bayarwa, wato minti 120, wanda in aka raba wa tambayoyi 180 kowace za ta samu daƙiƙa 40. Ita kuwa ta ba Turanci minti 50, tana karanta kowane nassi sau uku, Bayoloji minti 22, Kemistiri minti 33. Da ta iso Fizis, darasin da ya fi kowane buƙatar lissafi, saura minti 15. Ta yi tambaya 21 da tunani, sauran 19 ta danna musu harafi kawai kafin lokaci ya ƙare, biyar suka faɗa daidai. Ita kanta ba ta san haka take yi ba. A ganinta Fizis ne ba ta iya ba, alhali kusan rabin tambayoyinsa ba ta ma karanta su.

Washegari muka shimfiɗa tabarma da kuskuren nan tamanin. Mun ɗauki kusan awa uku, kuma a ganina su ne awanni mafi amfani a duk shirin. Kowace tambaya sai ta sake yin ta a gabana da babbar murya, ni kuma in tambaye ta, "Me kika yi tunani a lokacin?" Daga amsarta muke sanin gidan da za mu ajiye kuskuren. Gida huɗu suka fito. Waɗanda lokaci ya cinye 17 ne. Waɗanda ba ta taɓa sanin darasin ba sam, 21. Waɗanda ta taɓa sani amma ta manta, ko ta ɗauko fomular da ba ita ba, 24. Waɗanda ta san amsarsu sarai amma ta karanta tambayar a gurguje, 18.

Wannan rabon ya sauya mata fuska. Cikin tamanin, 21 ne kaɗai rashin sani, sauran 59 kuwa ƙarin karatun littafi ba zai taɓa su ba. Ga shi kuma karatun littafin shi ne maganin da take ta ƙarawa har biyun dare.

Bari in kawo misali ɗaya, domin shi ne ya fi nuna mini irin ciwon. Tambayar Kemistiri ce a kan dokar Charles: iskar gas mai girman 200 cm³ a zafin 27°C, aka ƙara zafin zuwa 54°C ba tare da matsi ya sauya ba, nawa girmanta zai zama? Ta rubuta fomular daidai, V₁/T₁ = V₂/T₂. Sai ta ce zafi ya ninka, don haka girma ya ninka, ta zaɓi 400. Amma a wannan doka da ma'aunin Kelvin ake aiki, sai an ƙara 273. Zafin ya tashi ne daga 300 zuwa 327, ba ninki ba ne, ƙari ne ɗan kaɗan. Amsar ita ce 200 × 327 ÷ 300, wato 218 cm³. Da na ce, "Kelvin fa?" sai ta dafe kai. Ta sani. Ta karanta shi ya fi sau goma. Kuma masu tsara tambaya sun san ɗalibai na yin wannan kuskuren, shi ya sa 400 ke zaune cikin zaɓin tana jira. In ɗalibi ya yi lissafi ya ga amsarsa a jerin, sai hankalinsa ya kwanta, ba zai sake dubawa ba.

Da na bincika littafinta na baya, na tarar ta yi wannan kuskure na Kelvin sau huɗu a cikin makonni shidan nan. Kowane karo ta ga amsar, ta ce "au", ta wuce. Tsayawar makinta ke nan a zahiri: kurakurai iri ɗaya ne ke dawowa kowane mako sanye da sababbin kaya.

Abin da muka sauya

Mun mayar da cikakken gwaji sau ɗaya a mako, ranar Asabar da safe, da sababbin tambayoyi. Lahadi kuma ranar zama da kurakurai ce, kuma na ce mata kada zaman ya gaza tsawon gwajin kansa. Ta buɗe sabon littafi. Kowane kuskure yana da shafinsa: tambayar a gaba ba tare da zaɓi ba, a baya kuma hanyar warwarewa da jimla ɗaya da ke faɗin dalilin faɗuwa, da kalmominta. "Na manta Kelvin." "Ban ga EXCEPT ba." "Ban mayar da minti zuwa daƙiƙa ba." Tana sake yin tambayar washegari a kan farar takarda, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako. In ta ci sau uku a jere, an sallami shafin. In ta faɗi ko sau ɗaya, lissafi ya koma farko. A tambayoyin lissafi nakan sauya mata lambobin, don kada ta haddace 218 ta bar hanyar.

Ta yi mini gardama a kan rufe littafi. Ta ce in tana karantawa tana jin abin yana shiga, in ta rufe kuwa sai ta ji kanta fanko. Na ce mata ai ta yi Islamiyya, ta san bambancin. Wanda ya buɗe Alƙur'ani yana bi da ido zai rantse ya haddace shafin, sai malam ya ce rufe ka kawo, nan ake gane gaskiya. Mahaddata ba sa dogara da kallo, tilawa suke yi da ka, suna komawa baya a kai a kai, kuma inda suka yi tuntuɓe nan suke dafewa. Masu binciken koyo sun auna wannan. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗaliban jami'a gajeren nassi. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi a zama huɗu, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan aka sa su rubuto abin da suka tuna har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, kashi 83 da kashi 71. Bayan mako guda lamarin ya juye: masu maimaita karatu sun riƙe kashi 40, masu tunowa kashi 61. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne masu maimaita karatun ne suka fi yarda da cewa za su tuna. Jin daɗin nan da take ji in tana bin layukan da ta ja, shi ne yake yaudararta.

Gyara na biyu ya shafi Fizis. A lesin ana koya musu babi babi: yau motsi a miƙaƙƙen layi, tambaya ashirin duk a kansa, gobe wani babin. A irin wannan atisaye ɗalibi bai taɓa zaɓar fomula ba, taken babin ya riga ya zaɓar masa. A jarrabawa kuwa tambaya ta bakwai a kan zafi take, ta takwas a kan lantarki, ta tara a kan madubi, babu mai gaya maka. Ko a cikin babi ɗaya, takan tsaya tana tantama tsakanin v = u + at da v² = u² + 2as, alhali abin dubawa ɗaya ne: tambayar ta ba da lokaci ko ta ba da nisa? Sai na fara haɗa mata tambayoyi talatin a gauraye kowace yamma, daga babi biyar ko shida, kuma kafin ta taɓa lissafi sai ta rubuta a gefe wane babi ne, me aka bayar, me ake nema. Doug Rohrer da Kelli Taylor sun gwada irin wannan a 2007 da lissafin girman wasu siffofi huɗu. Waɗanda suka yi atisaye kashi kashi sun fi cin maki a lokacin atisayen, amma a gwajin da aka yi bayan mako guda sun samu kashi 20, masu gauraye kuwa kashi 63. Na gaya mata wannan tun farko domin ta san atisayen zai yi mata ɗaci, kuma ɗacin ba alamar lalacewa ba ne.

Waɗannan 21 na rashin sani ba a warwatse suke ba. Shida daga Kemistirin oganik ne, huɗu daga lantarki da maganaɗisu, tara daga Turanci, galibi sashen furuci da inda ake ɗora nauyin murya a kalma, biyu kacal daga Bayoloji. Ta amsa cewa duk inda ta ga oganik a littafi tsallakewa take yi, ta koma Bayoloji inda take jin daɗi. Fiye da rabin lokacin karatunta Bayoloji yake ci, darasin da ta riga ta kai maki 70 cikin 100 a cikinsa. Na rage shi zuwa kwana biyu a mako. Na ɗauki oganik da kaina, awa ɗaya kullum na tsawon kwana goma, daga sanya wa mahaɗai suna har zuwa yadda ake gane kowane dangi. Lantarki kuma na roƙi wani abokin aikina ya zauna da ita sau huɗu. Abin da mutum bai taɓa fahimta ba, tambayoyin baya ba za su koya masa ba, sai an zaunar da shi an yi masa bayani.

Lokaci kuwa muka raba shi tun kafin a shiga: Bayoloji minti 18, Turanci 35, Kemistiri 28, Fizis 32, saura bakwai na komawa kan waɗanda aka tsallake. Duk tambayar da ta kai minti ɗaya ba ta ga hanya ba, ta zaɓi harafi, ta rubuta lambar, ta danna N, harafin da ke kai mutum tambaya ta gaba, ta wuce. Sannan na hana karatun bayan sha ɗaya na dare. Uwarta ta ɗan yi jim da wannan, don a ganinta rage karatu ne ana dab da jarrabawa. Na ce, "Yaya, yarinyar da ke barcin awa huɗu ita ce ke karanta NOT ba ta gan shi ba. Ki bar ta ta yi barci." Da azumi ya kama muka mayar da aikin lissafi bayan sallar asuba, aikin littafin kurakurai kuma bayan tarawihi.

Gwajin farko bayan duk wannan ya ba da 209.

Ta zo mini da littafin ba ta ce komai ba, ta ajiye. Ni ma gabana ya faɗi, don ni na rushe mata tsarin da ta saba da shi, saura makonni bakwai. Amma da muka zauna ranar Lahadi muka ga abin da ya faru. Turancinta ya sauka daga maki 58 zuwa 48 cikin 100 saboda ba ta saba karanta nassi sau ɗaya ba. A Fizis kuwa ta kai ƙarshen takarda a karon farko, kurakuran lokaci sun sauko daga 17 zuwa biyar, sai dai yawancinsu ba su zama maki ba tukuna. Sun tashi ne daga gidan "lokaci ya ƙare" suka koma gidan "ban sani ba" da "na manta". Tambayoyin da a da ba ta kai gare su ba, yanzu ta kai, ta ga ba ta iya su ba. Wannan ci gaba ne ko da jimillar ba ta nuna ba, domin yanzu mun san sunayensu, za mu iya sa su a littafi. Da jimillar kaɗai muke kallo, da ranar nan mun watsar da tsarin mun koma gidan jiya.

Muka yi wa Turancin ɗan gyara: ta fara karanta tambayoyin kafin nassin, don ta san abin da take nema, muka kuma ƙara masa minti uku daga na ajiya. Makonnin da suka biyo baya suka ba da 222, 230, 228, 243, 239, 253. In aka haɗa ukun farko, wato 209 da 222 da 230, aka raba, 220 ne, daidai inda ta tsaya tun Janairu. Sai a mako na biyar ne jimillar ta fita daga iyakar da sa'a za ta iya kaiwa. A tsakanin nan abin da nake nuna mata duk Lahadi shi ne ƙidayar gidajen nan huɗu, da yawan shafukan da aka sallama daga littafin kurakurai. Kuskuren Kelvin ya sake dawowa sau ɗaya a mako na biyu, daga nan ban ƙara ganinsa ba.

A gwajin ƙarshe Fizis ya tashi daga 16 zuwa 23, Kemistiri daga 21 zuwa 25, Bayoloji daga 28 zuwa 29 duk da an rage masa lokaci sosai. Turanci kuwa daga 35 ya koma 36, wato bai motsa ba. Wannan yana damuna har yau. Littafin kurakurai yana aiki ne inda kuskure ke da iyaka, kamar fomula ko ƙa'ida ko babi. Ƙarancin kalmomin Turanci da saurin fahimtar nassi ba su da irin wannan iyakar, ana tara su ne cikin shekaru ta hanyar karatu mai yawa, kuma kalmar da ta faɗi a wannan makon ba ita za ta fito a na gaba ba. Sashen furuci ya ɗan gyaru don yana da ƙa'idoji, amma abin da ta samu a nan ta rasa shi a nassi. Da tun Nuwamba ta zo mini, da na sa ta karanta shafi biyu na jarida kullum tana faɗa mini abin da ta fahimta. A Fabrairu lokacin wannan ya riga ya ƙure, sai na zaɓi in zuba ƙarfinmu inda makonni bakwai za su iya sauya wani abu.

Ta zauna jarrabawar a Afrilu ta samu 243, ƙasa da gwajinta na ƙarshe da maki goma, sama da inda ta tsaya da fiye da ashirin. Ta ce kwamfutar da aka ba ta linzaminta yana sarƙewa, sai ta koma amfani da haruffan A, B, C, D da N da P a kan allon rubutu kamar yadda muka saba a atisaye, kuma ta gama Fizis saura minti huɗu. Littafin kurakuran yana hannun ƙaninta yanzu, wanda zai zauna baɗi. Na ce masa ya karanta don ya ga yadda ake yi, amma ya sayi nasa sabo, domin da na gwada shi a makon jiya Kelvin bai ba shi wahala ba, shi nasa ciwon a daidaita ikweshan yake.